Minti 20 na farko bayan ƙuna: abin da ruwa ke cetowa, da abin da sai asibiti

A yawancin gidajenmu, da zarar an ji ihun yaro daga madafa, kafin a gama salati kowa ya riga ya ɗauko maganinsa. Wannan ta miƙo makilin, waccan ta fasa ɗanyen ƙwai, wani ya ce a shafa manja, tsohuwa ta aika a nemo gashin zomo. Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne wanda ke cikin randa a gefen ɗaki. Har akwai masu hanawa da gangan, suna cewa idan ruwa ya taɓa ƙuna za ta tashi bororo. Wannan magana ta daɗe a bakin mutane, kuma ta jawo wa yara da yawa tabon da bai kamata su ɗauka ba. Ruwa mai sanyi, yana zuba a kan ƙunar har minti 20, shi ne taimakon farko da likitocin ƙuna suka yi ittifaƙi a kansa, kuma dalilin hakan yana cikin abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata.

Ƙuna ba ta gama ɓarnarta a lokacin da aka janye hannu daga wuta. A shekarar 1953 wani likitan tiyata a birnin Birmingham na Ingila, Douglas Jackson, ya bayyana cewa kowace ƙuna kashi uku ce, kamar zobe a cikin zobe. Tsakiya, inda zafi ya fi bugawa, naman wurin ya riga ya dahu, babu abin da zai dawo da shi. Can gefe kuma akwai inda jini ya taru, wurin ya yi zafi, amma zai warke da kansa. Tsakanin waɗannan biyun ne maganar take. Naman wannan yanki bai mutu ba, bai kuma tsira ba. Ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da shi sun galabaita, jini yana tafiya a cikinsu da ƙyar, kumburi yana matse su. Cikin kwana biyu zuwa uku, ko dai ya farfaɗo, ko ya bi na tsakiya. Shi ya sa ƙunar da aka gani ranar farko kamar ba komai ba ta kan wayi gari ranar uku ta yi zurfi. Duk abin da za a yi a gida, wannan yanki na tsakiya ake ƙoƙarin cetowa.

Aikin ruwa a nan iri biyu ne. Da farko yana kwashe zafin da ya rage a jikin fata, musamman idan abin da ya zuba mai kauri ne. Kunu, talge, miya da narkakken sukari suna manne wa jiki su ci gaba da dafa shi, ba kamar ruwan shayi da ke gangarewa ba. Man suya kuwa ya wuce duka: ruwa yana tafasa a digiri 100 ba ya wuce nan, amma man da ake suyar ƙosai yana kai wa digiri 170 zuwa sama. Sai dai kwashe zafi ba ya cin minti 20. Sauran lokacin na aiki na biyu ne, wato sanyaya naman domin kumburi ya lafa, ɓarnar da jiki ke yi wa kansa bayan rauni ta ragu, raɗaɗi kuma ya sauka. Saboda wannan aiki na biyu ne ruwan ke da amfani ko an makara. Idan ba a wuce awa 3 da ƙonewa ba, a zuba. A jihar Queensland ta Ostireliya an bi diddigin yara kusan 2,500 da suka ƙone, a binciken da aka wallafa a 2020, aka ga waɗanda suka sami cikakken minti 20 na ruwa cikin awa 3 na farko sun fi sauran tsira daga dashen fata, da ratar da ta kai kusan kashi 40 cikin 100. Dashen fata tiyata ce: a yanko fata daga cinya a liƙa a inda ta mutu. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna a asibiti ya san nauyin wannan aiki a jiki da aljihu.

Batun bororo kuwa, zafin da ya shiga ne ya raba saman fata da ƙasanta, ruwan jiki ya taru a tsakani. Ko an zuba ruwa ko ba a zuba ba zai tashi, sau da yawa bayan wasu awanni. Mutane suna ganin an zuba ruwa da rana, bororo ya fito da yamma, sai su ɗora wa ruwa laifi.

Littattafan taimakon gaggawa suna cewa a tara wurin a famfo. To gida nawa ne ke da famfon da ake murɗawa ruwa ya zo? A nan ne nake ganin shawarar take faɗuwa a wurinmu, don an faɗi abin da za a yi ba a faɗi yadda za a yi shi da buta da jarka ba. Lissafin ba shi da wahala. Ba a buƙatar ruwa mai ƙarfi, siririn zubi mara yankewa ake so. Idan ana tsiyaya kamar lita ɗaya a minti, minti 20 zai ci lita 20, wato bai kai jarkar ɗan ga-ruwa ɗaya mai lita 25 ba. Buta biyu ake so: ɗaya tana zuba, wani yana cika ɗayar. A ajiye baho a ƙasa yana tarar ruwan. Idan ruwa ya yi ƙaranci kuma fatar ba ta buɗe ba, ana iya sake ɗiba daga bahon. Idan yatsa ne ko hannu ko ƙafa, ana iya tsoma shi a bokiti ana motsawa, ana canza ruwan da zarar ya fara ɗumi. Inda ba za a iya tsomawa ba, kamar ƙirji ko baya, kuma ruwan bai isa zubi ba, a jiƙa tsabtataccen ƙyalle biyu ana musanya su a kai a kai, domin jiƙaƙƙen ƙyalle da aka bari a jiki yana ɗaukar ɗumi nan da nan ya daina aiki.

Ruwan randa shi ne daidai, sanyinsa irin wanda ake nema ne. Ruwan tankin da ke saman kwano da rana tsaka a watan Afrilu kuwa shi kansa mai zafi ne, a taɓa kafin a zuba. Ƙanƙara da ruwan da ya fito daga firiza haramun ne a kan ƙuna. Tsananin sanyi yana tsuke hanyoyin jini, ga shi kuwa yankin da muke son cetowa ƙarancin jini ne ke kashe shi. Mai ƙunar zai ji daɗi don sanyin ya sa wurin ya daina jin zafi, amma a ƙasa ɓarna ake ƙarawa. Ledar fiya wata da ba ta shiga firij ba tana yi, sai dai rabin lita ce, kafin a cika minti 20 an fasa da yawa. A nemi ruwa mafi tsabta da ke kusa, irin wanda ake sha, amma kada a tsaya jiran ruwan roba alhali ga na rijiya a guga.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Yarinya 'yar shekara biyu, da safiyar hunturu, ta ja kofin kunun da aka ajiye a bakin tabarma, ya zubo mata a ƙirji da damtsen hagu. Tana sanye da rigar sanyi. Abu na farko, a cire rigar, don saƙar ulu da ta sha kunu tana riƙe zafi kamar tukunya. Idan cirewa ta kai za ta goga kunun a fuska, a yanka ta da almakashi. Duk inda yadi ya manne da fata, musamman yadin roba da ya narke, ba a fizgarsa, a yanke kewaye a bar wanda ya liƙe. A cire guru, laya, awarwaro da duk abin da ya zagaye hannun, tun kafin kumburi ya sa su zama tarko. Idan kunun ya gangara cikin famfas, shi ma a cire. Duk wannan aikin daƙiƙoƙi ne, kuma ruwa yana iya fara zuba tun ana yinsa.

Uwar ta zauna a kujera 'yar tsugunne ta ɗora yarinyar a cinya, ta karkata ta yadda ruwan zai bi ƙirji da hannu ya sauka baho, ba ya jiƙa sauran jiki ba. Wani ya duba agogon waya, domin minti 20 da yaro yana tsala ihu ji ake kamar wuni guda, kuma kusan kowa yana tsayawa a minti 3 ko 4 yana zaton ya cika. A daidai nan ne kaka za ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, kashe ta za ki yi da sanyi? Kawo ta nan a shafa mata ƙwai." Amsar da ta dace ita ce, "Inna, ki yi haƙuri, ruwan ne maganin. Taimaka mini da bargo ki rufa mata ƙafafu da baya." Tsoron kakar yana da tushe. Jikin ƙaramin yaro yana saurin rasa ɗumi, balle da hunturu, kuma sanyin da ya shiga jiki haɗari ne na gaske ga mai ƙuna. Don haka ƙunar kaɗai ake sanyayawa, yaron kuma a lulluɓe shi, a shiga ɗaki daga iska. Idan ta fara karkarwa sosai, ko leɓenta ya canza, ko ta yi laƙwas, a dakatar da ruwan a ɗumama ta. Kuma idan ƙunar ta ci babban ɓangare na jiki, kamar duk ƙirji da ciki, ba a tsoma jariri a baho ana jiran agogo, a ɗan sanyaya a nufi asibiti.

Bayan minti 20 sai a duba da kyau, a wuri mai haske. Abu biyu ake aunawa, faɗi da zurfi. Ma'aunin faɗi yana jikin mai ƙunar: tafin hannunsa haɗe da yatsu kusan kashi ɗaya ne cikin 100 na fatar jikinsa. Hannun yarinyar ake nufi, ba na uwar ba. A misalinmu, a ce wurin ya kai tafi uku, biyu a ƙirji ɗaya a damtse, kuma fatar ƙirjin ta saluɓe a wuri ɗaya, ƙasan yana sheƙi da danshi. Kashi 3 cikin 100 ke nan, ga yarinya 'yar shekara biyu. Wannan ba ta gida ba ce. Ruwan ya yi aikinsa, amma saura na ma'aikatan lafiya ne, kuma yau za a je, ba gobe ba. Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce, duk ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi a kai ta asibiti, yaron da bai kai shekara 5 ba kuma ko ba ta kai haka ba a nuna wa ma'aikacin lafiya muddin ta yi bororo ko ta saluɓe. Fatar yara siririya ce, zafin da zai yi wa babba ja kawai yana iya ratsa ta.

Dalilin damuwa da faɗi shi ne ruwan jiki. Fatar da ta ƙone tana tsiyayar da ruwa waje, hanyoyin jini kuma suna zubar da nasu cikin nama. Idan ƙuna ta kai kusan kashi 10 cikin 100 a yaro, ko 15 a babba, wannan asarar kaɗai tana iya durƙusar da ƙoda da bugun jini cikin awanni, sai da ƙarin ruwa ta jijiya. Alamarsa ƙishirwa mai tsanani, ƙarancin fitsari, sanyin hannu da ƙafa, da yaron da ya daina kuka ya yi lamo. Shirun nan ba sauƙi ba ne.

Kafin a fita, a rufe wurin. Mafi kyau ita ce siririyar ledar nan da ake naɗe abinci da ita, a warware a zubar da zagayen farko, a shimfiɗa a kan ƙunar falle-falle, kada a naɗa ta zagaye da hannu tana matsewa, don wurin zai kumbura. Ba ta mannewa, tana tare iska, wanda hakan kaɗai yana rage zogi, kuma likita zai ga ciwon ta cikinta. Idan tafin hannu ne, sabuwar farar leda mai tsabta a zura shi ciki. In babu, wankakken zane mara gashi. Ba a sa leda a fuska, ba a kuma ɗora auduga kai tsaye a kan ciwon, zarenta yana shiga nama, cire shi azaba ce. A ba ta farasitamol na yara gwargwadon abin da aka rubuta a kwalba don shekarunta, a ci gaba da ba ta nono ko ruwa. Kada a shafa komai. A asibiti, abin da za a fara tambaya shi ne da me ta ƙone, ƙarfe nawa, an zuba ruwa na minti nawa, an shafa wani abu ko a'a, ta kuma cika allurar rigakafinta ko ba ta cika ba. A tafi da katin rigakafin.

Wannan "kada a shafa komai" shi ne mafi wahalar karɓa, domin hannun uwa ba ya son zama haka nan. Amma a dubi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Makilin yana ba da jin sanyi saboda na'ana'ar da ke ciki, ba ya rage zafin nama ko kaɗan, ga shi yana bushewa ya kama ciwon. Manja, man shanu da baƙin mai suna rufe wurin a lokacin da ake son zafi ya fita. Ɗanyen ƙwai, toka, kashin shanu da gashin zomo suna kai ƙwayoyin cuta cikin naman da ya rasa garkuwarsa, har da mai kawo tetanas, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi. Gishiri da kanwa ƙuna ce a kan ƙuna. Shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo, da tawada, suna rina wurin har likita ya kasa gane zurfinsa. Sannan duk abin da aka shafa, a asibiti sai an wanke shi kafin a fara magani, kuma yaron ne zai sha wannan wankin. Wanda yake son yin addu'a ga mai ƙuna ya yi, alheri ne, amma ya yi ta ruwa yana zuba.

Zurfi ya fi faɗi wuyar ganewa, kuma a nan ne ƙuna ke yaudarar mutane. Littattafai suna cewa ƙunar sama ja take yi, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi. Don haka a fi dogara da yanayin fatar da kuma abin da mai ciwon ke ji. Ƙunar da ta tsaya a sama busasshiya ce, babu bororo, tana raɗaɗi, kuma cikin mako guda ta wuce. Wadda ta ɗan shiga tana yin bororo, idan ya fashe ƙasan jajir ne mai danshi, iska ma idan ta taɓa shi sai an ji. Irin wannan ta fi kowace zafi, amma idan an kula da ita takan warke cikin mako biyu. Wadda ta ratsa fata gaba ɗaya kuwa fara ce fat kamar kakin kyandir, ko ruwan toka, ko baƙa, busasshiya, da tauri kamar jemammiyar fata, kuma idan an taɓa tsakiyarta ba a ji, don jijiyoyin da ke kai saƙon zafi sun mutu. Rashin zafin ne ke sa a zauna a gida.

Misalin da kowa ya sani shi ne ƙunar salansar babur a ƙwauri. Ba ta da faɗi, wani lokaci ba ta fi bakin kofi ba. Mai ita ya sauka daga acaba, ya ji zafi na ɗan lokaci, ya ga wurin ya yi fari, ya ci gaba da harkarsa. Amma ƙarfen da ya taɓa shi ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma an danna ƙafar a jikinsa. Bayan mako guda farar fatar ta zama baƙin ɓawo, ƙarƙashinsa rami, ga ƙwauri dama wuri ne da ciwo ke jinkirin warkewa. Haka dutsen guga yake yi wa tafin yaro mai rarrafe, haka garwashin kasko. Duk ƙunar da ta yi fari ko baƙi, ko ba a jin taɓi a tsakiyarta, komai ƙanƙantarta, ta asibiti ce, domin fatar da ta mutu har ƙasa ba ta tsirowa daga tsakiya, sai dai ta jawo daga gefe a hankali ta bar tabo mai tauri.

Wurin da ƙunar take ma yana yanke hukunci. Fuska, wuya, tafin hannu da yatsu, tafin ƙafa, al'aura, da kan gaɓa kamar gwiwa, gwiwar hannu da hammata, duk ba a jinyarsu a gida idan sun wuce ƙunar sama. Tabo yana tsukewa yayin da yake warkewa. Yatsun yaro da aka naɗe su tare cikin tsumma suna iya haɗewa, gwiwar hannun da aka bari a lanƙwashe mako uku tana iya ƙin miƙewa har abada sai da tiyata. Mutanen da muke gani da haɓa a manne da ƙirji, da yawansu ƙunar ba ta fi ƙarfin magani ba, rashin kulawar da ta dace ne a makonnin farko. Haka ƙunar da ta zagaye hannu, ƙafa ko yatsa kamar munduwa: idan ta kumbura tana iya datse jini, yatsu su yi sanyi su mutu.

Akwai kuma waɗanda abin da ya jawo su kaɗai ya isa dalili. Wanda wutar lantarki ta ja, ko da ɗan baƙin ɗigo kawai ake gani a yatsa, wutar ta bi ta cikin nama, tana iya taɓa bugun zuciya. Kafin a taɓa shi a kashe wutar. Wanda ruwan batir ko sodar haɗa sabulu ta zubo wa, a cire kayan da suka jiƙe, idan gari ne a kakkaɓe shi tukuna, sannan a yi ta kwarara ruwa fiye da minti 20, kada a ce za a kashe soda da lemon tsami, kuma a tafi da mazubin sinadarin asibiti. Idan a ido ne, a buɗe idon a yi ta wankewa har a hanya. Wanda gobara ta rutsa da shi a cikin ɗaki, ko risho ko tukunyar gas ta tashi a fuskarsa, a dubi gashin hancinsa da girarsa ko sun babbake, a saurari muryarsa ko ta dishe, a ga ko yana tari da baƙin majina. Maƙogwaron da ya shaƙi zafi yana kumbura a hankali, mutum yana magana lafiya yanzu, bayan 'yan awanni numfashi ya gagara. Wannan ba a jira a ga yadda za ta kaya.

Sai kuma jikin mai ƙunar. Tsoho, mai juna biyu, mai ciwon sukari, mai sikila, da yaron da ke fama da tamowa, ƙaramin ciwo a wurinsu ba ƙarami ba ne. Mai ciwon sukarin da ƙafarsa ta daina ji yana iya gasa ta a bakin wuta da hunturu bai sani ba. Mai farfaɗiya da ya faɗa wuta yana buƙatar a duba ƙunar a kuma duba maganin farfaɗiyarsa. Mai jego da ruwan wanka ya saluɓe wa fata ita ma kada kunya ta sa a ɓoye.

To wace ce ta gida? Irin wadda mai tuyar ƙosai ke samu idan mai ya fantsamo mata a sangalin hannu: babba ce mai lafiya, wurin bai fi kan babban yatsa ko biyu ba, yana zafi, ya yi ɗan bororo. Bayan minti 20 na ruwa, ta wanke a hankali da ruwa da sabulu mara ƙamshi, ta bar bororon yadda yake. Rufin nan bandeji ne da jiki ya yi wa kansa, allura ko reza kuwa ƙofa suke buɗe wa cuta. Idan ya fashe da kansa, ta wanke, ta shafa basilin kaɗan mai tsabta, ta rufe da abin ɗaure ciwo mara mannewa daga kemis, tana canzawa kullum ko duk lokacin da ya jiƙe. A lura, basilin bayan an gama sanyayawa ne, kuma ga ƙaramar ƙunar da za a yi jinya a gida kawai. Idan bandejin ya kama, a jiƙa shi da ruwa kafin a ɗaga. Farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk awa 6 ya isa babba, kada a wuce ƙwaya 8 a wuni. Ba a buƙatar sayen kafso a sha don rigakafi, kuma ba a farke shi a barbaɗa a ciwo. Idan an daɗe ba a yi allurar tetanas ba, ko ba a tuna yaushe aka yi ba, a je a yi. Ta riƙa ɗaga hannun sama idan ta zauna, kumburi zai ragu.

Jinyar gida tana da wa'adi. Zafin ƙuna raguwa yake yi kullum. Idan a rana ta uku ko ta huɗu ya juyo yana ƙaruwa, ko kewayen wurin ya kumbura ya yi zafi yana faɗaɗa, ko mugunya da wari suka fito, ko zazzaɓi ya zo, ko kaluluwa ta fito a hammata ko matsematsi, ƙwayoyin cuta sun shiga ciwon, a tafi asibiti. Ga yara akwai wani abu da ya fi wannan gaggawa: cikin kwanakin farko bayan ƙuna, ko da ƙarama ce kuma tana da kyan gani, idan yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, da amai ko gudawa, da ƙuraje, ya ƙi cin abinci ya yi laushi, gubar ƙwayoyin cuta ce mai yiwuwa ta shiga jininsa. A wurinmu kowa zai ce maleriya ce a sayo magani a kemis. A kai shi asibiti a daren, kuma a faɗa wa likita cewa ya ƙone kwana kaza da suka wuce, a nuna masa wurin.

Wa'adi na ƙarshe shi ne mako biyu. Ƙunar da ta kai kwana 14 ba ta rufe ba ta fi yadda aka zata zurfi, kuma wadda ta haura mako uku a buɗe ita ce ke barin tabo mai tudu da ƙaiƙayi, abin da baƙar fata ta fi saurin yi. A irin wannan hali, idan ƙaramin asibitin unguwa ya ce a wuce gaba, a wuce. Likitocin gyaran fata suna manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma aikin da za su yi a mako na biyu ya fi sauƙi da araha a kan wanda za su yi bayan shekara guda, lokacin da gaɓa ta riga ta ƙage. Wadda ta rufe a kan lokaci kuwa, sabuwar fatar za ta fito da haske, ta ɗauki watanni kafin launinta ya dawo. A riƙa shafa mata man kaɗanya ko basilin ana murzawa a hankali safe da yamma, a kuma rufe ta daga rana idan za a fita.